Ɗan haya ya kwashe kayansa, shin wanda ya tsaya masa ya huta ke nan?

A Abuja da Legas, har ma da sabbin unguwannin Kano da Kaduna, ba kasafai mutum yake kama hayar gida ko shago yanzu ba tare da ejan ya miƙo masa fam ɗin garanto ba. Sai a ce ya kawo ma'aikacin gwamnati, ko wani mai sana'a da aka san inda yake, da hotonsa da kwafin katin shaidarsa da lambar wayarsa. Wanda aka kai wa fam ɗin galibi yayansa ne, ko abokin aikinsa, ko wani dattijon unguwa da kunya ba za ta bar shi ya ce a'a ba. Yakan sa hannu a tsaye, a bakin ofis ko a kan but ɗin mota, da tunanin cewa shaida kawai yake bayarwa a kan ya san wannan bawan Allah, kuma ba ɓarawo ba ne.

Abin da ya sa wa hannu ya wuce shaidar hali. Alkawari ne cewa idan ɗan haya ya gaza, shi zai biya. Kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, fitar ɗan haya daga gidan ba ta warware wannan alkawari. Motar kwasar kaya tana iya tafiya, a share ɗakuna, wani ma ya shigo, amma takardar tana nan da ranta a durowar mai gida. Ra'ayina a wannan rubutu shi ne, lamunin haya da ba shi da iyakar kuɗi, ba shi da ranar ƙarewa, kuma bai wajabta wa mai gida sanar da mai lamuni a kan lokaci ba, bai kamata kowa ya sa masa hannu ba, kuma bai kamata lauyoyi da ejan-ejan su ci gaba da rarraba irinsa ba.

Mu fara da abin da doka ta ɗora wa mai lamuni tun kafin a zo batun fita. A dokar da Najeriya ta gada daga Ingila, alkawarin ɗaukar bashin wani sai an rubuta shi, kuma mai alkawarin ya sa hannu, sannan kotu za ta tilasta shi. Wannan ƙa'ida ta samo asali ne daga wata dokar Ingila ta 1677. Saboda haka wanda ya sa hannu a gurbin shaida kawai, wato ya tabbatar da cewa a gabansa aka ƙulla yarjejeniyar, ba mai lamuni ba ne, ko da mai gida ya ɗauka hakan. Amma da zarar an rubuta lamunin kuma ɗan haya ya saɓa, mai gida ba shi da wajibin ya fara bin ɗan hayar har sai ya gaji kafin ya waiwayo. Kotun Ƙoli ta sha nanata wannan a shari'o'in bankuna, cikinsu har da shari'ar Chami da bankin UBA ta 2010: mai bin bashi yana iya kai ƙarar mai lamuni kai-tsaye, ba tare da ya haɗa da ainihin wanda ya ci bashin ba. Maganar da ake yawan ji a bakin masu lamuni, wai "ku je ku nemo shi tukuna", ba kariya ba ce a wannan tsari, sai dai idan an rubuta hakan a takardar.

A kotunan shari'ar Musulunci da ke jihohin Arewa lamarin ya sha bamban ta fuska biyu. Lamuni na baki yana tabbata idan akwai shaidu ko iƙirari, don haka "na tsaya masa" da aka furta a gaban mutane ba magana ce ta iska ba. A ɗaya ɓangaren kuma, sanannen ra'ayin mazhabar Malikiyya shi ne ba a neman mai lamuni ya biya matuƙar wanda ya ci bashin yana nan kuma yana da halin biya, sai in an gindaya sharaɗin saɓanin haka. Littattafan fiƙihu sun kuma bambanta tsakanin wanda ya lamunce dukiya da wanda ya lamunce kawo mutum ko nemo shi. Wannan bambanci yana da amfani ko a wajen kotu, domin yawancin masu sa hannu a fam ɗin ejan suna zaton nau'i na biyu suka ɗauka, alhali kalmomin da ke takardar na nau'i na farko ne. Sai dai a lura, rangwamen na Malikiyya ba ya cecen kowa a yanayin da muke magana a kai, tunda ɗan hayar da ya gudu ko ya tsiyace shi ne daidai wanda ake komawa kan mai lamuninsa.

To, har ina alhakin yake kaiwa bayan fita? Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce mu ɗauki misali mu bi shi da lissafi.

Mu ƙaddara wani magidanci ya kama gida mai ɗaki biyu da falo a Kubwa, na shekara ɗaya, daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba 2023, a kan Naira 1,200,000. Ya biya 900,000, aka amince zai cika 300,000 a watan Yuni, kuma saboda wannan ragowar ne mai gida ya nemi garanto. Abokin aikinsa ya sa hannu. Yuni ya zo ya wuce, ba a cika ba. Da shekara ta ƙare, mai gida ya sabunta masa hayar a kan 1,500,000, ba tare da kowa ya tuntuɓi mai lamuni ba. Ɗan haya ya biya miliyan ɗaya, aka rubuta a rasit cewa na 2024 ne, saura 500,000. Wannan wa'adi ma ya ƙare, ya ci gaba da zama wata huɗu, Janairu zuwa Afrilu 2025, bai biya ko kwabo ba. A ƙarshen Afrilu ya kwashe kayansa da daddare ya tafi da mukullai, sai a ƙarshen Yuni ya aiko da su ta hannun maƙwabci.

A watan Agusta sai ga wasiƙar lauya a teburin mai lamuni, ana neman Naira 2,260,000. An lissafa ragowar 2023, wato 300,000, da ragowar 2024, wato 500,000. An sa watanni huɗun zaman da ya wuce wa'adi a kan 125,000 kowane wata, ya kama 500,000, da ƙarin wata biyun da mukullai ba su dawo ba, 250,000. Sai gyara na 420,000, wanda 180,000 na fenti ne, 240,000 kuma na ƙofofi biyu da aka ɓalla da abin wanke hannu da ya fashe. Sai bashin wuta 90,000, da ladan lauya da ejan 200,000. Wasiƙar ba ta ambaci Naira 100,000 da aka karɓa tun farko a matsayin ajiya saboda ɓarna ba.

Nawa ne daga cikin wannan yake wuyan mai lamuni? Amsar tana cikin layi biyu ko uku na takardar da ya sa wa hannu a 2023, kuma tazarar da ke tsakanin amsoshin tana da ban tsoro.

Idan takardar ta ce ya lamunce kuɗin haya na wa'adin 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba 2023, abin da ke kansa 300,000 ne, ba ƙari. Kotuna suna fassara lamuni ne gwargwadon kalmominsa, ba sa miƙe shi ya rufe abin da bai faɗa ba, kuma inda aka samu harshen-damo akan fassara shi ne don amfanin mai lamuni, musamman idan ɓangaren mai gida ne ya tsara takardar. Hayar 2024 sabuwar yarjejeniya ce da bai san da ita ba. Zaman da ya biyo bayanta ma haka. Gyara da wuta kuwa ba kuɗin haya ba ne. Amma waccan 300,000 tana nan daram. Ta zama bashi tun watan Yunin 2023, kuma ƙarewar wa'adi ko fitar ɗan haya ba sa goge bashin da ya riga ya tabbata. A nan ne masu lamuni da dama suke rena wasiƙar gaba ɗaya, su ce ai shekarar da suka tsaya wa ta daɗe da wucewa, har ƙaramin bashin da za a iya kashewa cikin ruwan sanyi ya kai su gaban alƙali.

Idan kuwa takardar irin wadda ta fi yawa ce a hannun ejan, wadda ta ce mai lamuni ya ɗauki duk wani nauyi da ke kan ɗan haya, a wannan wa'adi da duk wani sabuntawa ko ƙarin wa'adi, har zuwa ranar da za a miƙa gidan babu kowa a ciki, to labari ya canza. Ragowar shekaru biyun sun shigo, 800,000 ke nan. Watanni huɗun sun shigo, domin doka ta ba mai gida damar karɓar diyyar zaman da aka yi masa a gida bayan wa'adi, kuma galibi ana auna ta ne da kuɗin hayar ƙarshe. Wata biyun mukullai ma suna iya shigowa, tunda kwashe kaya ba shi ne miƙa gida ba, kuma mai gidan da ya fasa ƙofa ya shiga da kansa ba tare da tabbacin an bar masa gidan ba yana iya jawo wa kansa ƙara. Ƙofofi da abin wanke hannu ɓarna ce, sun shigo, wuta ma haka. Fenti ya kamata ya fita idan yarjejeniyar hayar ta ware tsufan da zama na yau da kullum yake kawowa, kamar yadda yawancinsu suke yi, domin bangon da ya yi dauɗa bayan shekara biyu da rabi ba ɓarna ba ce. Ladan lauya da ejan ma ba sa hawa kansa sai in an ambace su ƙarara. Idan aka tara abin da ya rage ana samun 1,880,000, a cire ajiyar 100,000, saura Naira 1,780,000.

Gida ɗaya, ɗan haya ɗaya, ɓarna ɗaya, amma a takarda ta farko 300,000, a ta biyu kusan ninki shida. Mutumin da ya ɗauka ragowar haya ta wata uku ya tsaya wa, ya wayi gari ana bin sa abin da ya fi kuɗin hayar shekarar da ya sani gaba ɗayanta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ko a takarda ta biyun akwai wurin tsayawa a yi gardama, wato ƙarin kuɗin haya daga 1,200,000 zuwa 1,500,000. Idan takardar ta ambaci sabuntawa amma ba ta ce ko da an canza sharuɗɗa ba, mai lamuni yana da hujjar cewa sabuntawa a kan sharuɗɗan da ya sani ya amince da ita, ba wadda aka ƙara wa nauyi a bayan idonsa ba. Wannan ya kawo mu ga kariya mafi ƙarfi da doka ta ba mai lamuni, kuma abin sha'awa, shari'ar da ta kafa ta ma a kan haya aka yi ta.

A 1878 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta yanke hukunci a shari'ar Holme da Brunskill. Wani mai gona ya ba da hayar gonarsa tare da garken tumaki 700, wani kuma ya tsaya cewa za a dawo da garken cikin ƙoshin lafiya idan haya ta ƙare. Ana cikin haka sai mai gona da ɗan hayarsa suka daidaita a tsakaninsu: ɗan haya ya mayar da wani ɗan fili daga cikin gonar, aka rage masa fam 10 a kuɗin hayar shekara. Ba a tambayi mai lamuni ba. Da haya ta ƙare aka tarar tumakin sun ragu kuma sun lalace, sai mai gona ya nemi mai lamuni ya biya. Kotu ta ce ya kuɓuta gaba ɗaya. Dalilinta shi ne, idan za a canza yarjejeniyar da mutum ya tsaya wa, dole a nemi yardarsa, sai fa idan a bayyane yake, ba tare da dogon bincike ba, cewa canjin ba shi da wani tasiri ko kuma ba zai iya cutar da shi ba. Shi ne zai auna ko ya yarda da sabon nauyin, ba alƙali ne zai auna masa daga baya ba.

Wannan ƙa'ida tana cikin abin da kotunanmu suke aiki da shi, kuma irin canjin da take magana a kai kullum ana yin sa a gidajen haya. Mai gida ya karɓe ɗakin baya ya rage kuɗi, ko ya yarda a fasa katanga a buɗe shago a gidan da aka kama don kwana. Wani lokaci ɗan haya yakan koma wani gari ya bar wa ƙanensa gidan, mai gida kuma ya ci gaba da karɓar kuɗi daga hannun ƙanen yana rubuta rasit da sunansa. Duk wanda aka kawo wa wasiƙar neman biya ya kamata ya fara tambayar ko an yi wani abu makamancin haka a tsakiyar wa'adi. Haka nan idan mai gida ya ɗaure kansa da sabuwar yarjejeniya ta ɗaga wa ɗan haya lokacin biya ba da sanin mai lamuni ba, wannan ma yana iya sakin mai lamuni. Amma a bambanta wannan da haƙuri kawai. Mai gidan da ya yi shiru yana jira, bai ɗaure kansa da komai ba, bai rasa haƙƙinsa ba.

Matsalar ita ce lauyoyin masu gida sun san wannan ƙa'ida sarai, shi ya sa suke toshe ta tun a fam. Akwai jimlar da ke cewa duk wani canji, ko ɗaga lokaci, ko rangwame da za a yi wa ɗan haya ba zai saki mai lamuni ba. Akwai wata da ke cewa za a ɗauki mai lamuni tamkar shi ne ainihin mai bashin. Kotu tana mutunta irin waɗannan jimloli idan an rubuta su a sarari, domin baligi mai hankali ne ya sa hannu. Da layi biyu sai a kwashe kariyar da aka shafe sama da shekara ɗari ana ginawa, kuma mai sa hannun bai ma karanta ba.

Akwai wani yanayin fita da ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, wato ɗan hayar da ya bar gida ko shago tun wa'adi bai ƙare ba. Wannan ya fi faruwa a shaguna da ofisoshi da ake kamawa na shekara biyu ko uku ana biya kashi-kashi. Tafiyarsa ba ta kashe hayar ba, kuɗin sauran watannin yana ci gaba da hawa, kuma mai lamuni yana ɗauke da shi. Abin da ke tsayar da lissafin shi ne mai gida ya karɓi gidan ta hanyar da ke nuna haya ta ƙare, kuma babbar alamar hakan ita ce ya sa wani sabon ɗan haya. Daga ranar da sabon ya shiga, ba za a ci haya biyu a kan ɗaki ɗaya ba. Karɓar mukulli kaɗai ba lallai ya wadatar ba, domin mai gida yana iya cewa ya karɓa ne don tsaron gidan. Don haka mai lamunin da ya ji labarin mutuminsa ya tashi, kada ya zauna jiran wasiƙa. Ya nemo mukullan, ya miƙa su a rubuce da kwanan wata, a zagaya gidan tare a ɗauki hotuna, a rubuta lambar da mita ta nuna a ranar. A misalinmu na Kubwa, da an yi haka a ƙarshen Afrilu, da 250,000 ta fita daga lissafi, da kuma gardamar gyara ta zo da sauƙi.

Wani zai ce, to ai sai mutum ya janye lamuninsa idan ya ga alamun rashin gaskiya. A hayar da ke da tsayayyen wa'adi ba a janyewa a tsakiya, domin a kan wannan lamuni mai gida ya ba da gidansa tun farko. Inda ake iya samun ƙofa shi ne gaɓar sabuntawa, kuma ko nan ya danganta da kalmomin takardar. Duk da haka, wasiƙar da mai lamuni zai aika kafin wa'adi ya ƙare, yana cewa bai amince ya tsaya wa wata sabuwar shekara ba, ba ta taɓa zama asara. Mutuwa ma ba ta share abin da ya riga ya tabbata, magada za su tarar da shi cikin basukan da ake fitarwa kafin rabon gado.

Ban ɗauki masu gida a matsayin azzalumai a wannan batu ba. Wanda ya taɓa bin hanyar fitar da ɗan hayar da ya ƙi biya ya san wahalarta. A Abuja da Legas, mai hayar shekara-shekara yana da haƙƙin notis na wata shida idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu dabam ba, bayansa a ba shi na kwana bakwai, sannan a shiga kotu, inda ɗage zama kaɗai yake iya cinye watanni. Tsohon ma'aikacin da ya zuba kuɗin sallamarsa a gini, yana ci daga haya, yana da dalilin neman wanda zai riƙe. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ba laifi ba ne mutum ya nemi abin dogaro.

Inda nake ganin an kauce shi ne, lamuni marar iyaka yana sa mai gida barci. A misalin da muka bi, mai gidan ya san tun Yunin 2023 cewa ɗan hayarsa ba ya cika alkawari. Maimakon ya ɗaga waya ya gaya wa mai lamuni, sai ya sabunta hayar, ya ƙara kuɗi, ya bar bashi yana taruwa har shekara biyu, saboda ya san akwai mai albashin da zai damƙa a ƙarshe. Da an sanar da mai lamuni a lokacin da bashin yake 300,000, da yana iya matsa wa abokinsa, ko ya biya ya ce ya fita, ko ya ba da shawarar kada a sabunta. Mutumin da ya fi kowa ikon tsayar da asarar shi ne mai gida, amma tsarin ya ɗora ta a kan wanda ba ya ganin komai. A dokar da muke bi, mai bin bashi ba shi da wajibin sanar da mai lamuni cewa an saɓa, sai in takarda ta ce a yi.

Ingila, inda muka kwaso waɗannan ƙa'idoji, ta taɓa wani ɓangare na matsalar a wata doka ta 1995. A can, idan ɗan haya ya miƙa hayarsa ga wani bisa ƙa'ida, shi da mai lamuninsa suna fita daga alhakin abin da zai biyo baya, in ban da wasu keɓantattun yanayi. Sannan mai gidan da ke son bin tsohon ɗan haya ko mai lamuninsa kuɗin haya dole ya aika musu da sanarwa cikin wata shida daga ranar da kuɗin ya wajaba, in ba haka ba ya rasa. Dokar ta shafi hayar da aka miƙa wa wani ne, amma hikimar sanarwar wata shida ta dace da halin da muke ciki. Majalisun jihohin da ke gyaran dokokin haya suna yawan tsayawa a kan kuɗin ejan da yawan shekarun da za a biya gaba ɗaya. Ya kamata su ƙara sashe ɗaya: duk kuɗin da mai gida bai sanar da mai lamuni a rubuce cikin ƙayyadadden lokaci ba, ba zai neme shi daga gare shi ba.

Kafin a kai ga haka, abin yana hannun mai sa hannu, kuma ba ya buƙatar dogon turanci. Ya nemi a rubuta adadin da ba za a wuce ba, misali kuɗin hayar wata shida, da lamba da kuma kalmomi. Ya nemi a rubuta ranar da lamunin zai ƙare, tare da cewa duk sabuntawa sai da sabon sa hannunsa. Ya nemi a rubuta cewa za a sanar da shi cikin kwana talatin idan ɗan haya ya gaza biya, kuma duk wata buƙata za a gabatar da ita cikin wata uku bayan miƙa mukulli. Ya soke jimlar da ta mayar da shi ainihin mai bashi. Ya karanta yarjejeniyar hayar kanta, domin nauyin da ke cikinta ne yake ɗauka, ya kuma riƙe kwafin duka biyun. Na san ejan zai ce fam ɗinsu ba a taɓa shi. Ana taɓawa, da biro ma, kowa ya sa hannu a gefen gyaran. Mai gidan da ya ƙi amincewa da ko ɗaya daga cikin waɗannan ya riga ya gaya maka yadda yake shirin amfani da takardar.

Wanda kuma wasiƙa ta riga ta iske, abu na farko shi ne kada ya rubuta amsar da ke amincewa da jimillar kuɗin, kada kuma ya biya wani abu "don a rage zafi" kafin lauya ya duba masa takardun, domin amincewa a rubuce ko biyan wani kaso suna iya sabunta lissafin lokacin da doka ta ba mai gida ya shigar da ƙara. Wannan lokaci shekara shida ne a Abuja da Legas ga yarjejeniya ta yau da kullum, a wasu jihohin kuma biyar, don haka shirun shekara biyu ko uku ba ya nufin magana ta mutu. Ya nemi a ba shi lissafi dalla-dalla, da kwafin rasit-rasit, da ranar da aka karɓi gidan, da ranar da sabon ɗan haya ya shiga, da inda kuɗin ajiya ya tafi. Idan aka yi masa barazana da 'yan sanda, ya sani cewa Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, kuma lamunin haya ba belin wanda ake tuhuma ba ne.

Idan ya biya, kuɗinsa bai zama sadaka ba. Doka ta ba shi damar bin ɗan hayar duk abin da ya biya a madadinsa, kuma idan su biyu ne suka tsaya wa bashi ɗaya, yana iya neman ɗayan ya kawo kasonsa. Saboda haka ya biya ta banki, ya karɓi rasit da sunansa wanda ya bayyana cewa a matsayin mai lamuni ya biya, sannan ya karɓi takarda daga mai gida da ke cewa an sallame shi daga duk wata buƙata a kan wannan gida, a kuma dawo masa da asalin fam ɗin da ya sa wa hannu.